SUMIF da COUNTIF: yadda ake taƙaita dogon jerin cinikayya, da yadda ake gano layukan da suka salwanta

Duk wanda yake ajiye lissafin shige da fice a Excel ko Google Sheets, wata rana jerin zai yi tsawon da ido ba zai iya binsa ba. Layi dubu da ɗoriya, kowanne da kwanan watansa da adadinsa, sai a tambaye shi nawa aka kashe a kan sufuri bana, kuma sau nawa aka biya. Fomuloli huɗu ne suke amsa irin wannan tambaya: SUMIF da COUNTIF, sai ƙannensu SUMIFS da COUNTIFS waɗanda suka shigo Excel a bugun 2007. Koyon rubuta su ba ya cin rana guda. Abin da yake da wuya, kuma shi ne dalilin wannan sharhi, shi ne halinsu na yin shiru. Idan wani layi bai dace da sharaɗin da aka ba su ba, ba sa nuna alamar kuskure ko kaɗan, tsallake shi kawai suke yi su ba da amsa mai kyan gani. Saboda haka taƙaitaccen lissafin da ba a gwada shi da jimillar asali ba, a ganina, ba a gama shi ba tukuna.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce jerin yana da cinikayya 1,200, daga layi na 2 zuwa na 1201, tunda layi na 1 kanun ginshiƙai ne. Ginshiƙin A kwanan wata, B bayani, C rukuni, D adadin kuɗi. Rukunan biyar ne: Sufuri, Haya, Albashi, Kayan aiki da Gyara. Za mu bar ginshiƙin E babu komai don zai yi mana amfani nan gaba, mu rubuta sunayen rukunan biyar a akwatunan G2 zuwa G6. A H2 sai a shigar da wannan:

```
=SUMIF($C$2:$C$1201,G2,$D$2:$D$1201)
```

Sassa uku gare ta. Na farko shi ne inda za a duba, wato ginshiƙin rukuni. Na biyu abin da ake nema, wato sunan da yake G2. Na uku kuma inda za a ɗauko kuɗin da za a tara. Fomular tana sauka layi-layi, duk inda ta ga C ya yi daidai da G2 sai ta ɗauki adadin da yake D na wannan layin ta haɗa. Ƙirga yawan cinikayyar ya fi haka sauƙi, domin babu abin tarawa. A I2:

```
=COUNTIF($C$2:$C$1201,G2)
```

Wasu kwamfutocin, gwargwadon saitin yankinsu, alamar ; suke karɓa a maimakon waƙafi tsakanin sassan, amma aikin ɗaya ne.

Alamar $ ɗin nan ba ado ba ce. Idan aka jawo fomula zuwa ƙasa, duk adireshin da ba a ɗaure shi da $ ba yana matsawa tare da ita. Haka ake son G2 ya yi, ya koma G3, G4, har G6, shi ya sa aka bar shi a sake. Amma idan C2:C1201 ya matsa ya zama C3:C1202, sannan C4:C1203, to rukuni na biyu ya rasa layin farko na jerin, na biyar kuwa ya rasa layuka huɗu. Babu abin da zai faɗa maka. A Excel, danna F4 yayin da kake kan adireshin yana saka alamomin. Haka kuma a tabbatar zangon rukuni da na kuɗi sun fara a layi ɗaya. Wanda ya rubuta C2 a ɗaya ya rubuta D3 a ɗayan, kowane rukuni zai kwashi kuɗin layin da yake ƙarƙashinsa, lissafin ya hargitse gaba ɗaya alhali lambobin suna kama da na gaskiya.

To an ja fomulolin ƙasa, amsoshi sun fito. Sufuri 412,300 a cinikayya 388. Haya 960,000 a 12. Albashi 2,880,000 a 144. Kayan aiki 655,200 a 501. Gyara 198,500 a 141. A nan ne mafi yawan mutane suke tsayawa su miƙa rahoto. Sauran aiki kuwa bai wuce akwati biyu ba. A tara rukunan biyar, a cire su daga jimillar jerin asali, sannan a yi haka ga ƙirgar:

```
=SUM($D$2:$D$1201)-SUM(H2:H6)
=COUNTA($D$2:$D$1201)-SUM(I2:I6)
```

Dukkansu sifili ya kamata su bayar. A misalinmu, rukunan biyar sun taru a 5,106,000, jerin asali kuma ya ba da 5,131,400. Giɓin 25,400 ke nan. Ƙirgar rukunai ta tsaya a 1,186 maimakon 1,200, wato akwai layuka 14 da babu rukunin da ya ɗauke su. Giɓin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar ba, shi ya sa ido ba zai taɓa kama shi ba. Na fi ba ƙirgar muhimmanci a kan jimillar kuɗi, domin kuɗi na iya rufe wa juna asiri: layin da ya salwanta mai 5,000 da wani na mayar da kuɗi mai -5,000 za su kashe juna, giɓin kuɗi ya nuna sifili, amma ƙirga za ta ce biyu sun ɓace.

Neman layuka 14 cikin 1,200 da ido wahala ce da ba ta da dalili. A juya tambayar kawai. Maimakon a tambayi sau nawa rukuni ya fito a jeri, a tambayi kowane layi ko rukuninsa yana cikin biyar ɗin da aka sani. A E2 a rubuta wannan a ja shi har ƙasa:

```
=COUNTIF($G$2:$G$6,C2)
```

Layi mai lafiya zai ba da 1, wanda ba shi da gida zai ba da 0. A saka Filter a ginshiƙin E a zaɓi 0, layukan 14 za su bayyana a jere.

Abin da aka tarar a misalinmu iri uku ne. Biyu ba a rubuta musu rukuni ba sam, kuɗinsu 4,500. Uku an rubuta musu "Kayan aki", harafi ɗaya ya faɗi, kuɗinsu 9,200. Waɗannan duka a bayyane suke. Sauran taran, masu 11,700, su ne suke ɗaure kai, domin a allo "Sufuri" aka rubuta ƙarara, babu bambancin da ido zai gani tsakaninsu da ɗaruruwan 'yan'uwansu da aka ƙirga. Sarari ne guda a ƙarshen kalmar, wanda mai shigar da bayanai ya danna bayan ya gama rubutu. SUMIF ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami ba, "SUFURI" da "sufuri" duk ɗaya ne a wurinta, amma sarari harafi ne cikakke a lissafinta. Fomular LEN, mai ƙirga haruffan akwati, ita take tona wannan: kalmar Sufuri haruffa 6 ce, waɗannan layukan kuwa 7 za su nuna.

TRIM tana share sararin da yake farko da ƙarshen rubutu. Sai dai akwai wani nau'in sarari da ba ta taɓawa, wanda yakan biyo bayanan da aka kwafo daga shafin intanet ko daga wata manhaja, lambarsa 160 maimakon 32 na sararin da aka saba. Idan an yi TRIM amma LEN ta ci gaba da cewa 7, shi ne. Wannan tana maganin duka biyun:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(C2,CHAR(160)," "))
```

A yi ta a wani ginshiƙi na gefe, a kwafi sakamakon, a liƙa shi a kan C ta hanyar Paste Special da zaɓin Values. Da an gyara taran nan, Sufuri zai tashi zuwa 424,000 a cinikayya 397. A gyara sauran biyar ɗin da hannu, akwatunan gwaji biyu su koma sifili.

Akwai gajeriyar hanya da take jan hankalin mutane a wannan gaɓar, kuma ina ba da shawarar a yi hattara da ita. Sharaɗin waɗannan fomuloli yana karɓar alamar tauraro, wadda take tsayawa a madadin kowane irin haruffa komai yawansu, da alamar tambaya, wadda take tsayawa a madadin harafi ɗaya. Don haka sharaɗin "Sufuri*" zai kwashe har da masu sarari a ƙarshe, ba sai an share komai ba. Yana aiki, har ranar da aka ƙaro sabon rukuni. A ce an buɗe "Gyaran mota" a matsayin rukuni na shida. Sharaɗin "Gyara*" zai haɗiye layukansa, shi ma sabon rukunin ya ƙirga su a nasa layin, kuɗi ɗaya ya shiga rahoto sau biyu. Alamar wannan ita ce akwatin gwaji ya ba da lamba ƙasa da sifili, wato rukunai sun fi jimillar asali yawa. Tauraro yana da wurinsa, musamman a ginshiƙin bayani idan ana neman duk layin da wata kalma ta fito a ciki, amma ginshiƙin rukuni gyara shi ya fi rufe laifinsa.

Yanzu gwaje-gwajen biyu sun ba da sifili, kuma duk da haka lissafin bai cika ba. Wannan ne tarkon da na fi jin tsoro, domin gwajin da muka dogara da shi ba ya ganinsa. Akwati na iya ɗauke da abin da yake kama da lamba alhali manhajar a matsayin rubutu ta ajiye shi. Yakan faru idan an sauko da jerin daga wata manhaja, ko an rubuta adadin da sarari a tsakiya, ko an liƙa masa alamar kuɗi da hannu. SUMIF tana tsallake irin wannan akwati. SUM ma tana tsallake shi. Tunda ɓangarorin biyu na gwajin sun rasa abu iri ɗaya, bambancinsu sifili ne, kamar ma'auni biyu da aka rage musu nauyi daidai wa daida. COUNTIF kuwa ta ƙirga layin, domin ita rukuni take dubawa, ba kuɗi ba. Sakamakon shi ne jimilla ta ragu, ƙirga tana nan daidai, duk wanda ya raba jimilla da ƙirga don ya sami matsakaici zai sami abin da bai kai gaskiya ba.

Gwaji na uku ne yake kama shi, kuma ya dogara ne a kan bambancin fomuloli biyu masu kama da juna. COUNTA tana ƙirga duk akwatin da yake da wani abu a ciki, COUNT kuwa lambobi na gaske kaɗai take ƙirgawa.

```
=COUNTA($D$2:$D$1201)-COUNT($D$2:$D$1201)
```

A misalinmu amsar 4 ce. Ana iya gano su da ISNUMBER a ginshiƙin gefe, wadda za ta ba da FALSE a layukan huɗu. Ido ma yana taimakawa idan ba a taɓa saitin jeri ba, domin lamba tana jingina da gefen dama na akwati, rubutu kuma da gefen hagu, kuma sau da yawa Excel yana saka ɗan koren alama a kusurwar akwatin. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: canza tsarin akwatin zuwa Number ba ya mayar da rubutun lamba. Sai an sake shigar da adadin, ko a yi amfani da Convert to Number, ko fomular VALUE. Da aka gyara huɗun nan, masu jimillar 38,000, jimillar jerin ta tashi daga 5,131,400 zuwa 5,169,400. A lura cewa wannan giɓin, wanda gwajin farko bai gani ba, ya fi wancan da ya gani girma.

Idan rukunai sun daidaita, tambaya ta gaba ba ta wuce wata-wata: nawa Sufuri ya ci a Janairu, nawa a Fabrairu. Sharuɗɗa sun zama fiye da ɗaya, aikin SUMIFS ke nan. Abu na farko da yake rikita mai koyo shi ne tsarin sassan ya juya. A SUMIF zangon kuɗi ne na ƙarshe, a SUMIFS shi ne na farko, sannan sharuɗɗa su biyo baya biyu-biyu, zango da abin da ake nema a cikinsa, har zuwa 127 a Excel. Dole layi ya cika dukkan sharuɗɗan kafin a ɗauke shi. Ni dai SUMIFS nake amfani da ita ko da sharaɗi ɗaya ne, saboda tsari guda ya fi sauƙin riƙewa, kuma idan zangunanta ba su yi tsawo ɗaya ba tana ƙin aiki ta nuna #VALUE!, alhali SUMIF ci gaba take yi ta ba da amsa.

A jera rukunan a K2 zuwa K6, a saka ranar farko ta kowane wata a L1, M1 har ƙarshen shekara. Kwanan wata na gaske za a shigar, kamar 1 ga Janairu 2025, ba kalmar "Janairu" ba. Ana iya saita akwatin ya nuna sunan wata kaɗai. A L2:

```
=SUMIFS($D$2:$D$1201,$C$2:$C$1201,$K2,
 $A$2:$A$1201,">="&L$1,
 $A$2:$A$1201,"<"&EDATE(L$1,1))
```

Fomula ɗaya ce za ta cika teburin gaba ɗaya idan aka ja ta dama da ƙasa. $K2 ya ɗaure ginshiƙi ya saki layi, L$1 ya ɗaure layi ya saki ginshiƙi. Alamar kwatance tana zama cikin alamar zance, adireshin akwati yana waje, alamar & kuma ta haɗa su. Wanda ya cusa duka a ciki ya rubuta ">=L1" ya sa fomular neman rubutun L1 ɗin kansa, ba abin da yake cikin akwatin ba, sai teburin ya cika da sifili.

Me ya sa aka ce ƙasa da farkon wata mai zuwa, ba a ce har zuwa ranar ƙarshen wata ba? Saboda a cikin manhajar kwanan wata lamba ce kawai. A Excel 1 ga Janairu 2025 ita ce 45658, 31 ga Janairu kuma 45688. Lokaci kuwa ɓangaren yini ne da yake bayan ɗigo. Cinikin da aka yi da ƙarfe uku na rana a 31 ga Janairu shi ne 45688.625. Idan jerin yana ɗauke da lokaci, ko da an saita akwatin ya ɓoye shi, sharaɗin da ya ce kada a wuce 45688 zai bar wannan cinikin a waje, Fabrairu ma ba za ta ɗauke shi ba domin ita daga 45689 ta fara. Ya faɗa tsakanin watanni biyu ke nan, kuma haka zai faru da cinikayyar ranar ƙarshe ta kowane wata. EDATE da 1 tana ba da rana irin wannan a wata na gaba, don haka sharaɗin "ƙasa da" yana rufe giɓin, kuma ba ruwan mutum da wane wata ne yake da kwana 28, 30 ko 31. Kwanan watan da aka ajiye a matsayin rubutu shi ma salwanta yake yi a nan, kuma COUNTA da COUNT a kan ginshiƙin A za su nuna shi kamar yadda suka yi a D. Jimillar watanni goma sha biyu na kowane rukuni dole ta yi daidai da abin da yake H.

COUNTIFS haka take, sai dai ba ta da zangon kuɗi a farko. Idan jerin ya haɗa biya da mayarwa, ƙara sharaɗin "<0" a kan ginshiƙin D yana ware kuɗin da aka mayar, ">0" kuma abin da aka biya. A kuma tuna cewa waɗannan fomuloli ba sa bin Filter, layin da aka ɓoye suna tara shi kamar kowa.

Saura batun girman jerin. Duk fomulolinmu a layi na 1201 suka tsaya. Gobe za a ƙara ciniki a layi na 1202, SUMIF ba za ta gan shi ba, kuma gwaje-gwajen ma ba za su gan shi ba tunda iyakarsu ɗaya. Mafita biyu ce. Ko a ba fomulolin ginshiƙi sukutum, wato C:C da D:D, ko a mayar da jerin tebur da Ctrl+T a Excel, wanda yake faɗaɗa da kansa duk lokacin da aka ƙara layi a ƙasansa. Wanda ya zaɓi ginshiƙi sukutum ya kula da abu biyu. Kada a bar jimilla a gindin ginshiƙin D, domin SUM za ta haɗa da ita ta ninka adadin. Sannan COUNTA za ta ƙirga har da kanun ginshiƙi, sai a cire 1 a gwaji na biyu da na uku.

Kuskuren rubuta rukuni kuwa ana iya tare shi tun daga ƙofa. A zaɓi ginshiƙin C, a shiga Data Validation, a zaɓi List, a nuna masa G2 zuwa G6. Daga nan mai shigar da bayanai zaɓa zai yi daga jerin da zai sauko, "Kayan aki" ba zai samu shiga ba. Iyakarsa ita ce abin da aka buga da hannu yake tacewa. Idan aka kwafo layuka daga wani fayil aka liƙa a kai, Excel yana karɓarsu ba tare da bincike ba, har ma liƙin ya shafe dokar daga akwatunan da ya rufe. Saboda haka duk ranar da aka liƙa sababbin layuka, a ja fomular ginshiƙin E ta rufe su, a sake tace masu 0, sannan a maido da dokar a kan akwatunan da aka liƙa.